Kafin ka tura taƙaitaccen bayanin zaman sulhu a guruf

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu ya zama al'ada in za a yi zaman sulhu, na aure ne ko na gado ko na bashi, sai a ajiye waya a tsakiya a ce a yi rikodin kar gobe wani ya ce ban faɗa ba. Wannan ba laifi in dai kowa ya san ana ɗauka kuma ya yarda. Inda nake jin tsoro shi ne bayan an tashi, lokacin da za a ce wane kai ne mai rubutu, saurari odiyon ka taƙaita mana ka tura guruf. To ɗan uwa wlh abin da aka ɗora maka amana ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to wannan maganar amana ce. Waiwaye kawai fa, balle wanda ya zauna gaban manya yana kuka yana buɗe cikinsa.

Bari in kawo misali, ƙirƙirarre ne ba wani nake nufi ba. An zauna tsakanin miji da mata, waliyyai suna nan, liman yana nan. A cikin odiyon matar ta ce wata uku bai kawo cefane ba, mijin ya ce bashi ne ya yi masa katutu har ya faɗi adadin da sunan mai binsa, a tsakiyar zafi ta ambaci sakamakon gwajin da aka yi masa a asibiti, shi kuma ya ce ai ƙanwarta ce ke zuga ta kuma an ce ana ganin ƙanwar da wani. Daga ƙarshe aka daidaita: za ta koma ɗakinta ranar Juma'a, zai riƙa ba da kuɗin cefane duk sati, kawunsa ne zai sa ido.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka, wa zai karanta wannan rubutun kuma me yake buƙatar ya sani? Ma'auratan da waliyyansu suna buƙatar matsaya da cikakken bayani, suna da rana da adadin kuɗi, domin shi ne hujja gobe, kuma ai Allah da kansa ya ce a rubuta bashi a Baƙara aya ta 282, don haka kar ka ce za ka yi sitira ka dagula yarjejeniya har ba a gane wa zai biya nawa. Amma guruf ɗin dangi mai mutum tamanin, da surukai da yara 'yan sakandare a ciki, su abin da ya shafe su layi biyu ne: an zauna, an daidaita, za ta koma, a taya su da addu'a. Rubutu biyu kenan daban, kar ka yi ɗaya ka watsa wa kowa.

Maganar gwajin asibiti kuwa ko a rubutun waliyyai ba ta da wuri, sai in an gina wata matsaya a kanta, shi ma sai da izinin mai ciwon. Maganar shimfiɗa haka, Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id gargaɗi mai tsanani kan mijin da ke yaɗa sirrin matarsa, to ina ga kai da kake bare. Ko dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ware bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Sai ƙanwar nan, ita ce ta fi ba ni tausayi domin ba ta wajen, ba ta kare kanta ba, kuma "an ce" ne. Da zarar ka rubuta shi ya tashi daga maganar fushi ya koma kamar abin da zama ya tabbatar, mutane za su ce ai a rubuce yake. A gabatarwar Sahih Muslim an ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, kuma Suratun Nur aya ta 19 ta yi alƙawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Cire shi gaba ɗaya, kar ma ka rubuta "an ambaci wata 'yar uwa", domin wannan kiran mutane ne su fara bincike. Shi ma mai bin bashi ba ya wajen, cire sunansa.

Yanzu a ce malam ne ko wani mai wa'azi yake so ya ɗauki darasin zaman ya sa a Facebook don a amfana. Nan ne da yawa ke zaton in sun goge suna shikenan sun gama. Sai ka ga an rubuta: wani tela a Tudun Wadan Zariya mai mata biyu, amaryar tana karatu a Kongo, uwargidan 'ya'yanta biyar har da tagwaye, sun zo mana ranar Lahadi. Ɗan uwa ka faɗi sunansa ka gama. Kowanne daga cikin bayanan nan shi kaɗai ba komai ba ne, teloli nawa ne a Tudun Wada, amma in ka jera sana'a da unguwa da yawan mata da tagwaye da rana, mutum ɗaya ne zai rage, kuma Zariya gari ne na sanayya, wanda ke Samaru yana da gwaggo a Kwarbai, kafin la'asar an gano gidan. Abin da ya kamata shi ne ka ce wani magidanci, kwanakin baya, bashi mai nauyi. Darasin bai ragu da komai ba. Haka Annabi (SAW) yake yi in zai gyara kuskure a bainar jama'a, sai ya ce me ya sami wasu mutane suna kaza da kaza.

A kula da wani abu kuma, gara ka faɗaɗa bayani da ka musanya shi. In ka ce bari in mayar da telan ya zama makanike a Sabon Gari, ka yi ƙarya, sannan wataƙila akwai makanike mai mata biyu a can da za a fara nuna wa yatsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Kalaman mutum ma suna tona shi, in yana da wata rantsuwa ko karin magana da aka san shi da ita kar ka kwafo ta yadda take, faɗi ma'anar da bakinka.

In ka gama rubutawa kar ka tura nan take. Karanta shi da idon maƙwabciyarsu, ka tambayi kanka za ta gane? In zuciyarka ta ce ƙila, rage. Sannan ka nuna wa masu maganar su biyu kafin kowa, in ɗaya ya ce cire kaza, cire, in ya ce kar a sa gaba ɗaya, haƙƙinsa ne.

Shi kuma odiyon dan Allah kar a haɗa shi da rubutun wai don a tabbatar. Murya ba ta ɓoyuwa, duk wahalar da ka sha wajen cire sunaye ta tashi a banza. WhatsApp yana ba ka kamar kwana biyu ka goge saƙo ga kowa, amma wanda ya riga ya tura gaba ko ya ɗauki hoton allo, gogewarka ba ta kai can. A bar odiyon a hannun mutum ɗaya da ɓangarorin biyu suka aminta da shi, a duba sunan fayil ɗin kar ya zama sunan ma'auratan ne a jiki, kuma tun a wajen zaman a yanke ranar da za a goge shi.