Istihara ba jiran mafarki ba ce

Duk shekara da an gama ɗaure gero, samarinmu na wajen Kura da Garun Malam sai su shiga waswasi: a tsaya noman rani a Kadawa, ko a tafi cin rani Legas? Sai ka ji an ce, "Ai na ba wani malam ya yi mini istihara, ina jiran abin da zai gani." Ni dai wannan abu yana damuna. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Buhari ya ce Annabi (SAW) yana koya wa sahabbansa istihara kamar yadda yake koyar da sura, wato don kowa ya iya da kansa.

Shawara ce farko. Tambayi masu tumatir nawa taki da fetur ɗin injin ban ruwa suka ci musu bara, tambayi waɗanda suka dawo daga kudu, ka ji ta bakin iyaye. In zuciya ta karkata, a ce ga noman, to shi kaɗai za ka ambata, ba duka biyun ba.

Ka yi alwala ka sallaci nafila raka'a biyu, ban da bayan Asuba da bayan La'asar. Wasu malamai sun so Kafiruna da Ƙulhuwallahu, amma kowace sura ta isar. Bayan sallama ka ce:

Allahumma inni astakhiruka bi'ilmika, wa astaƙdiruka biƙudratika, wa as'aluka min fadlikal azim, fa'innaka taƙdiru wa la aƙdir, wa ta'alamu wa la a'alam, wa anta allamul guyub. Allahumma in kunta ta'alamu anna hazal amra (sai ka ambaci noman, ko da Hausa) khairun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, faƙdurhu li wa yassirhu li, summa barik li fihi. Wa in kunta ta'alamu anna hazal amra sharrun li fi dini wa ma'ashi wa aƙibati amri, fasrifhu anni wasrifni anhu, waƙdur liyal khaira haisu kana, summa ardini bihi.

Daga nan fa sai ka tashi ka nemi fili. Hadisin bai ambaci barci ba, balle ganin fari ko kore. Abin da ka roƙa shi ne in alheri ne a sauƙaƙa maka, in sharri ne a raba ku. Mai fili ya ba ka haya, kuɗin iri ya samu, bismilla. In kuwa ya janye, wanda zai ranta maka ya fasa, kai ma abin ya fita ranka, kada ka nace. Wanda bai ji komai ba ya ci gaba da abin da shawara ta nuna, ya kuma iya maimaita sallar.

Kuma jama'a, kwandon tumatir na iya faɗuwa warwas a Kwanar Gafan bayan ka yi istiharar. Wannan ba ya nuna ba a amsa ba, tunda a addu'ar addininka ka fara ambata kafin abincinka, sannan ƙarshen lamarin, wanda ba a kaka ɗaya ake ganinsa ba.