Naira 1,500 da suka biya ka, ita ce tarkon

Jama'a, ina so mu yi maganar wannan "aikin" da ke shigowa ta WhatsApp, wanda ake cewa ka danna alamar so a bidiyon YouTube a biya ka. Gardamar da na fi sha da ƙannenmu a kansa guda ɗaya ce. Da ka ce musu damfara ce sai su ce, "Haba Yaya, ai sun biya ni, ga alat ɗin ma." Ni kuwa a ganina wannan biyan shi ne babban dalilin da ya kamata mutum ya tsorata.

Ga yadda abin ke tafiya. Saƙo zai shigo daga lambar da ba ka sani ba, sau da yawa ta ƙasar waje, irin mai farawa da +62 ta Indonesiya ko +84 ta Biyetnam, da hoton wata mace cikin shigar ofis. Za ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfanin talla. Ba ka nemi aiki a wurinsu ba, ba su tambayi takardunka ba, ba su ma san sunanka ba, amma wai an zaɓe ka. Za ta turo bidiyo uku, ka danna, ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka aika. A ce kowanne naira 500. Cikin ƴan mintoci sai ga 1,500 ta shigo asusunka, kuɗi na gaske, har ka sayi data da su.

Daga nan sai a mayar da kai Telegram, a jefa ka wani zaure mai ɗaruruwan mutane. Kowa sai turo hoton alat yake, wannan ya ce ya ci dubu hamsin yau, waccan ta ce Allah ya saka wa manaja da alheri. Mafi yawan masu wannan surutun ƴan gida ne, mutum ɗaya na iya riƙe asusu goma yana hira da kansa, kuma haɗa hoton alat na bogi bai kai wahalar dafa shayi ba. Ka lura da abu ɗaya: duk wanda ya yi tambaya mai nauyi a zauren, saƙonsa ɓacewa yake yi, shi ma a nemi shi a rasa.

Ana cikin danne-dannen sai a zo kan wanda suke rubutawa da sunan prepaid task ko merchant task. Nan ne akalar kuɗin ke juyawa. Wai za ka taya wani ɗan kasuwa haɓaka cinikinsa, ka tura 5,000 a dawo maka da 6,500. Kuma za su dawo da ita ɗin. Tsaba ce ake watsa wa kaza har ta shiga akurki da ƙafarta.

Sai na gaba. A ce ka tura 30,000. Za a buɗe maka shafi a wata manhaja ko wani adireshin intanet nasu, ka ga an rubuta kana da 39,000. Ka je cirewa, sai a ce ai wannan aikin haɗaka ne mai hawa uku, sai ka kammala duka. Hawa na biyu 80,000. Kana tunanin 30,000 ɗinka da ta maƙale, sai ka tura. Hawa na uku 200,000, a nan ne mutum ke taɓa kuɗin adashi, ko jarin shagon maigidansa, ko ya ɗaga wayarsa ya sayar. Bayan ka biya sai a ce ka yi kuskure wajen danna wani abu, an daskarar da asusun, kuma ka jawo wa sauran ƴan rukuninka asara. Su ma sai su taso maka da zagi da magiya, alhali duk ƴan gida ne. Ka biya kuɗin buɗewa, ka biya "haraji", haka za a yi ta tafiya har ranar da ka ce ba ka da ko sisi.

Mu yi lissafi. Abin da ya fita daga aljihunsu shi ne 1,500 ta farko da ribar 1,500 ta biyu, wato 3,000. Abin da ya fita daga naka kuwa 310,000. Adadin da kake gani a shafin, ko da ya kai rabin miliyan, rubutu ne kawai da wani ya buga. Babu bankin da ke riƙe da shi. Wanda ya ga yadda dandalin saka jari na bogi CBEX ya rufta da mutane a watan Afrilun 2025, ko MMM a ƙarshen 2016, ya san yadda lamba a fuskar waya ke kwantar wa mutum da hankali har ranar da ya zo cirewa.

Kuma kada wani ya ɗauka wani yaro ne shi kaɗai a ɗaki. A watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da ƴan Chana 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta saka jari a kuɗin kirifto. Masu irin wannan sana'a da horo suke yi, da rubutaccen abin da za su faɗa a kowane mataki. Duk shakkar da za ka nuna, an riga an tanadar mata amsa. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa "ni wayo zan yi musu, in ci ta farko in gudu." Kusan duk wanda ya yi asara da wannan niyyar ya shiga. Ga shi kuma ka riga ka miƙa musu sunanka da lambar asusunka, sun kuma san kai mai amsawa ne.

Abin da nake dubawa kafin komai shi ne sunan da ke kan asusun da aka ce a tura kuɗin. Kamfani ne wai, amma asusun na wani mutum ne, kuma gobe wani sunan daban za a ba ka. Su waye waɗannan? Yawanci ƴan uwanmu ne da aka ɗauka wani "aikin": ka ba da hayar asusunka, kuɗi su shigo, ka cire kasonka ka tura sauran gaba. Wannan ya fi na farkon haɗari, don idan wanda aka cuta ya kai ƙara, BVN ɗinka da NIN ɗinka ne a jikin asusun. Kai za a zo nema, ba matar da ke hoton ba.

Idan kana ciki yanzu, an ce saura biya ɗaya ka kwashe komai, kada ka tura. Babu biyan ƙarshe. Ka ɗauki hoton duk hirar tun kafin su farga, domin a Telegram mutum na iya goge saƙo daga ɓangarensa da naka gaba ɗaya. Ka tattara rasit ɗin kowane turi, akwai doguwar lambar shaidar ciniki a jikinsa, ka kai wa bankinka a ranar, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa don a riƙe asusun. Gaskiya kuɗin ba sa daɗewa a wurin, ana kwashe su nan take, don haka kwana ɗaya ma jinkiri ne. Sannan ka kai ƙorafi wurin EFCC ko ƴan sanda.

Bayan ƴan kwanaki akwai yiwuwar wani ya tuntuɓe ka, ya ce shi ƙwararre ne wajen kwato kuɗin da aka damfara, ko ma ya ce daga hukuma yake, ka biya 20,000 ta buɗe fayil. Ka tambaye shi inda ya samo lambarka, da yadda aka yi ya san an cuce ka.