Manhajar ba ɗan aike ba ce, ku daina ba ta umarni

Wannan hoton titin da ke yawo tun jiya ya ɓata mini rai, kuma ba don ya yi muni ba. Mutum ya shafa ɗan ɗigo a tsakiyar kwalta, ya rubuta `add a car here please`, ya latsa, kwalta ta dawo masa fayau ba mota. Sai ya fito yana shelar cewa Stable Diffusion, manhajar da ke ƙirƙirar hoto daga rubutu, yaudara ce, jama'a kuma suna ta mara masa baya. Haba! Laifin na rubutun ne da shafawar.

Abin da kake rubutawa a shafin `Inpaint`, inda ake shafe wani gurbi a hoto don manhajar ta sake zana shi, siffantawa ce. Kana faɗin abin da ido zai gani a cikin gurbin da ka shafe bayan an gama aiki, shi ke nan. An horar da irin wannan manhaja da hotuna haɗe da bayanin abin da ke cikinsu, don haka sunan abu da kamanninsa take ganewa. “Ƙara”, “saka”, “a nan”, “don Allah”, duk ba su da siffar da za a zana.

Mu ɗauki titin nan nasa. Daga gefe aka ɗauki hoton, da yamma, inuwar gine-gine ta miƙe a ƙasa. Abin da ya kamata ya rubuta ke nan:

```
red sedan parked on asphalt, side view, evening sunlight, long shadow under the car
```

Dubi abin da ke ciki. Irin motar da launinta, abin da tayoyinta suka taka, ta wane ɓangare ake kallonta, da hasken da ke kanta. Idan ka bar `side view`, kada ka yi mamaki in mota ta fito tana fuskantarka alhali titin a gicciye yake. Idan ka manta inuwa, sai ta zama kamar an yanko ta da almakashi an liƙa, tana lilo a saman kwalta.

Wasu sun ce ai sai a siffanta hoton gaba ɗaya, gine-gine, sama, mutane, komai. A'a. Musamman in ka zaɓi `Only masked`, manhajar gurbin nan da ɗan kewayensa kawai take gani, kuma duk abin da ka ambata za ta yi ƙoƙarin cusa shi ciki. Da ka ga ƙaramin gini ya tsiro a inda ka so mota, to rubutunka ne ya wuce iyakar gurbin.

Wasu kuma sun ce akwai sababbin manhajoji masu bin umarni kai tsaye. Akwai, ban musa ba. Amma ba su mutumin ya buɗe ba, don haka wannan ba hujja ba ce.

Sannan siffantawa ba ta aiki ita kaɗai, dole gurbin ya yarda da ita. Ka rubuta mota, ka shafa wurin da bai fi girman ƙwallo ba, a ina za ta zauna? Shafa fili mai faɗin mota da tsayinta daidai da nisanta a hoton, ka bar sarari a ƙasa saboda inuwa, domin manhajar ba ta taɓa abin da ke wajen gurbin. Bishiya ma haka: doguwar shafawa daga inda gindinta zai shiga ƙasa, ta buɗe a sama don rassa. In ka shafa sama kaɗai, ganye za ka samu ba kututture.

Kwaltar da ta dawo masa fayau kuwa, ina kyautata zaton `Denoising strength` ne, wato ma'aunin yawan canjin da manhajar za ta yi wa gurbin. In ya yi ƙasa, kamar 0.4, kuma `Masked content`, wato abin da za ta fara da shi a gurbin, yana kan `original`, manhajar tana riƙe abin da ta tarar, ga shi kwalta ta tarar. Don saka sabon abu, ɗaga `Denoising strength` zuwa wajen 0.8 ko sama, ko ka fara zana jan fasalin mota da hannu a wurin, ko da bai yi kyau ba, ta sami abin ɗorawa. Wallahi abin da ke damuna shi ne masu koyo da za su ga wancan hoton su haƙura, alhali gyaran layi ɗaya ne da faɗaɗa gurbi da ɗaga `Denoising strength`.

Af, tunda maganar mota ake: ku riƙa duba lambarta kafin ku saki hoto. Stable Diffusion 1.5 ba ta iya rubutu ba, haruffan a karkace suke fitowa, kuma nan ne mai lura yake fara kai ido. In gaban motar ko bayanta ya fito, ku shafe lambar ita kaɗai ku sake ta da `blank license plate`.