Yadda siki biyu ta kai ni wankin mashin

Ranar Asabar bayan la'asar, ba wuta, muna kan benci a ƙofar gidanmu a Tudun Wada muna buga lido kamar kullum: ni da Baballe da Ɗan Asabe da wancan mai gyaran wayar da kuka sani. Baballe ya ce shi fa ya lura, in aka haɗa idon dayis biyun, bakwai ta fi kowace lamba fitowa. Ni kuma da yake na taɓa koyar da lesin na wata uku, sai na gyara zama na ce camfi ne. Daga 2 zuwa 12 lambobi sha ɗaya ne, kowace rabonta ɗaya cikin sha ɗaya, dayis ba shi da ɗan uwa balle ya yi son kai.

Sai na ji wata 'yar murya daga bakin zaure: "Kawu, ba haka ba ne fa."

Abba ne, ɗan yayata, wanda har yanzu yana aji uku na ƙaramar sakandare, an aike shi sayo magi ya tsaya kallo. Da na yi shiru da magana ta mutu a nan. Amma a gaban mutane? Na ce ya zaɓi lambarsa in zaɓi tawa, a jefa sau 60, a ga wadda za ta fi fitowa. Ɗan Asabe ya ce kada a sa ko sisi, caca ce, don haka aka tsaya a kan wanda ya faɗi zai wanke mashin ɗin Baballe. Yaro ya ɗauki 7. Ni na ɗauki 12, siki biyu, don ita ke fitar da ni gida a lido kuma ina ganin muna da sabo da ita.

Jifa na uku, siki biyu ta faɗo. Jama'a, na miƙe. Na yi rawa. Na zagaya bencin nan ina kaɗa kofin lido a saman kan Abba ina ce masa ya je ya nemo omo da soso tun kafin shago ya rufe, har na ce a gaya wa malamin lissafinsu ya dawo da kuɗin makaranta. Mai kunun aya da ke wucewa ta tsaya tana kallona, ni kuwa na ƙara mata da juyi. Abin da ban sani ba shi ne wannan ce siki biyu ta farko kuma ta ƙarshe a ranar.

Ɗan Asabe ne ke jan layi da gawayi a jikin bango. Layin bakwai ya fara tsawo a hankali, uku da huɗu, biyar da biyu, shida da ɗaya, huɗu da uku kuma. Na hura wa dayis iska, na canja hannu, na ce kofin ne ya lanƙwashe aka kawo wani. Wajen jifa na arba'in na fara cewa ai siki biyu ta daɗe ba ta zo ba, yanzu dole ta zo. Abba ya ce, "Kawu, dayis ba ya tuna abin da ya yi ɗazu." Da aka cika 60, bakwai tana da 11, takwas tana da 9, ni ina nan da ɗaya tilo, wadda na riga na yi wa rawa.

Na ce sa'a ce kawai. Yaron nan bai ce komai ba, ya ajiye ledar maginsa, ya karɓi gawayin ya tsuguna a kan siminti. Allah ya sa dayis ɗinmu ba kala ɗaya ba ne, ɗaya fari ɗaya ja, tun da na asalin ya faɗa kwata bara. Ya zana gida shida a tsaye na fari, shida a kwance na ja, ya ce kowace fuskar fari tana iya haɗuwa da kowace fuskar ja, shida sau shida, hanya 36 ke nan, kuma waɗannan 36 ɗin su ne suke da rabo daidai wa daida. Lambobin nan sha ɗaya da nake taƙama da su, raba hanyoyin suka yi a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne.

Ya ɗaga farin ya ce, "Kawu, in wannan ya ba da ɗaya, me ja zai ba da a samu bakwai?" Na ce shida. In ya ba da biyu fa? Biyar. Haka ya bi da ni har shida, ina amsawa kamar ɗan firamare, mutane na kallo. Duk abin da fari ya nuna, akwai fuska ɗaya a jikin ja da za ta cika shi bakwai, shi ya sa take da hanya 6 cikin 36, wato ɗaya cikin shida. Babu wata lamba da ke da wannan gatan. Mai neman takwas, in fari ya ba da ɗaya zance ya ƙare, don ja ba shi da bakwai, saura hanya 5. Mai neman shida ma 5 gare shi, don in fari ya ba da shida an riga an wuce. Daga nan abin sauka yake yi ta kowane ɓangare kamar matakala: biyar da tara hanya 4 kowace, huɗu da goma 3, uku da sha ɗaya 2. Biyu da sha biyu kuwa hanya ɗai-ɗai. Tawa ke nan, a can ƙuryar zanen ita kaɗai kamar marainiya. A jifa 60 abin da ake sa ran gani shi ne bakwai wajen sau 10, siki biyu sau ɗaya ko biyu.

Ban saduda ba. Na ce ya yi maguɗi, ya ƙirga uku da huɗu sannan ya sake ƙirga huɗu da uku, to ni ma a ƙirga min shida da shida sau biyu. Ya ajiye fari a uku, ja a huɗu, sannan ya juya su, fari huɗu ja uku, ya ce in duba ko abin ya canja. Ya canja. Ya ajiye su duka a shida ya ce, "To Kawu, juya su mu gani." Na tsuguna da babbar rigata na musanya musu wuri. Fari shida, ja shida. Na sake musanyawa, wai ko wani abu zai faru.

A nan ne mai gyaran waya ya faɗo daga benci don dariya. Shi fa. Mutumin da wayata ta yi sati biyar a shagonsa a kan canjin sikirin, ya dawo min da ita tana kiran mutane da kanta cikin dare, kuma har yau canjin dubu biyuna na hannunsa. A duk musun nan bai ce uffan ba, don ko tebur na shida ban yarda ya haddace ba, amma shi ne da ciro waya yana ɗaukata bidiyo. In kun ga wani abu a sitatus ɗinsa, ku sani an yanke farkon, wurin da nake kan gaba.

Ina cikin wankin mashin Abba ya dawo daga kai saƙo, an yi masa faɗan daɗewa, ya tsaya a kaina ya ce da na ce a ba ni shida da takwas a haɗe, da ina da hanya 10 shi yana da 6, kuma da zai yarda don kunyata yake ji. Sai yanzu yake faɗa.

Baballe kuma tun damina bai wanke mashin ɗin nan ba. Bokiti huɗu na ɗebo, ya zo ya shafa ƙarƙashin sit da yatsa ya ce akwai saura.