Wasiƙar 'yan kasuwa zuwa ƙaramar hukuma: a fara da kwata, rumfa ta biyo baya

Makon jiya sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan birnin Kano ya kawo mini wasiƙar da za su kai wa shugaban ƙaramar hukumarsu, ya ce in duba masa. Kasuwar ta unguwa ce, irin wadda ake sayar da kayan miya, hatsi, robobi da gwanjo a layi uku ko huɗu. Wasiƙar shafi biyu ce. Shafin farko gaisuwa ce da addu'a da yabon ciyaman. Na biyu ya lissafa rumfunan da iska ta yaye wa kwano da waɗanda bangonsu ya tsage. Sai a layin kusa da ƙarshe aka ce, "sannan muna roƙon a duba mana magudanar ruwa."

Na ce masa, "Alhaji, wannan layin na ƙarshe shi ya kamata ya zama na farko." Ya ce ai mutanensa rumfa ce ta dame su, ita suke gani kullum. Gaskiya ya faɗa, kuma ban raina damuwarsu ba. Wanda ruwa ya jiƙa wa buhun gero biyar ba ya tunanin kwalbati, kwanon da ke kansa yake kallo. Amma ra'ayina shi ne, duk wasiƙar da ta sa rumfa gaba ta bar kwata a baya, ko an amsa ta, baɗi ma sai an sake rubuta irinta.

Muka je kasuwar tare da yamma. Bangon rumfunan layin ƙasa duk yana da zane guda: daga ƙasa zuwa kusan gwiwa filasta ta kumbura tana zubewa, ga wani farin gari kamar kanwa a jikin bulo. Wannan alamar ruwan da ya kwanta ne, bulo ya sha shi daga ƙasa. Ruwan da ke zuba ta rufi yakan bar tabo daga sama ya gangaro. Tsagewar bangon ma daga tushe ta faro, a kusurwar da ke kallon kwata, wato ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ce ta jiƙe ta zauna. Idan aka kawo magini ya sake jera bulo, aka buga sabon kwano, aka bar ruwan yana kwana a gindin bango, damina biyu ta isa ta mayar da aikin yadda yake.

Mutane da yawa ba sa lissafa yawan ruwan da rufin kasuwa ke tarawa. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. A ce layi yana da rumfa 40, kowace mita 3 a tsawo, mita 3 a faɗi. Rufinsu ya kai murabba'in mita 360. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta a Kano, layin nan kaɗai zai zubo lita 10,800, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 sama da 430. Kwano ba ya shan ko ɗigo, daɓen siminti ma haka. Duk wannan ruwan kwata ɗaya yake nema, sau da yawa cikin abin da bai kai awa guda ba.

To yaya kwatar take? Mun sa sanda a ciki a wurare biyar. Zurfin gininta kusan santimita 60 ne, amma sandar ta nuna cewa wajen 40 daga ciki yashi ne da leda da ruɓaɓɓen ganye da ledar fiya wata. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage wa ruwa. Tsawonta daga bakin kasuwa zuwa titi mita 150, faɗinta santimita 60, don haka abin da za a kwashe ya kai mita kubik 36. Wannan adadin shi ne abin da injiniyan sashen ayyuka yake buƙata. Da shi zai san lebura nawa, tifa sawu nawa, kwana nawa. "A duba mana magudanar ruwa" ba ta gaya masa komai, kuma takardar da ba a iya yi wa kuɗi ba a cikin fayil take tsufa.

Cikewa da shara ita ce cuta mafi sauƙin magani. Akwai biyu da suka fi ta wuya, kuma ya kamata ƙungiya ta gane wacce ke damunta kafin ta rubuta. Ta farko, kwatar da aka gina ba gangara. Ana gane ta da rani: a yashe wani yanki, a zuba ruwa jarka biyu ko uku, a tsaya a gani. Idan ya tafi wajen titi, lafiya. Idan ya tsaya cik ko ya dawo baya, yasa ba za ta yi magani ba, sai an fasa ƙasan an sake zuba kankare da gangara. Ta biyu ita ce mafita. Kwatar kasuwa tana iya zama tas, amma kwalbatin da ke kai ruwan babbar magudanar titi ya toshe, ko ya yi ƙanƙanta, ko kuma an yi ta ɗaga titin da sabon aiki har kasuwar ta koma rami. A kasuwar da muka je wannan ce babbar matsalar. Bakin kwalbatin ya nutse cikin ƙasa, da ƙyar muka gano inda yake. Alamarta ita ce ruwa ya fara taruwa daga ƙarshen layi yana hawowa, har bayan an ɗauke ruwan sama.

Wannan ne ma ya sa tambayar wa za a rubuta wa take da muhimmanci. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara. Saboda haka 'yan kasuwa ba alfarma suke nema ba, kuma babu rashin ladabi a rubuta hakan a wasiƙa bayan an yi gaisuwar da ta dace. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, jama'a sun ƙara samun hujjar tambayar ciyaman abin da ya yi. Sai dai a Kano ba kowace kasuwa ce ke hannun ƙaramar hukuma ba. Manya irin Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suna da hukumomin gudanarwa da gwamnatin jiha ke naɗawa. Haka babbar magudanar da ke bin titin jiha ba ta ciyaman ba ce. Hanya mafi sauri ta gane mai alhaki ita ce a ɗauko rasit ɗin kuɗin rumfa a ga sunan wa ke kai. Wanda ke karɓar haraji shi ake fara rubuta wa. Idan kwalbatin a titin jiha yake, sai a roƙi ciyaman ya tura maganar ma'aikatar da abin ya shafa, a kuma aika mata da kwafe.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a kasuwar. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya ce, "Ɗana, mu ne masu biyan haraji, mu ne kuma za mu yi awo? To aikin ma'aikatan me ne?" Na ce, "Baba, da gaskiyarka." A ƙa'ida duba-gari da ma'aikatan sashen ayyuka ne ya kamata su zo su gani tun kafin a kira su. Amma ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birni tana da unguwanni da yawa, kowace da kokenta, kuma a kan teburi ɗaya suke haɗuwa. Takardar da ta zo da tsawo da zurfi da hotuna da adadin rumfuna ita ce ke da wuyar turewa gefe. Awon da muka yi bai ci mu komai ba sai sanda da tef da awa biyu.

Akwai kuma abin da wasiƙar ta yi shiru a kai, ni kuma ba zan yi ba. A layin tsakiya rumfuna shida sun ƙaro gabansu a kan kwatar, sun zuba siminti sun rufe ta ruf. Ba yadda za a yi shebur ya shiga wurin. Mutanen Kano ba su manta da Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shadda na maƙudan kuɗi, aka yi ta magana kan gine-ginen da aka ɗora a hanyoyin ruwa. Abin da ya faru a babbar kasuwa shi ne yake faruwa a ƙanana, ba a dai kawo shi a labarai. Idan ƙungiya ta ɓoye rumfunan nan shida, ranar da injiniya ya zo su zai fara gani, kuma da su za a kafa hujjar ƙin yin aikin. Gara ta faɗa da bakinta: mun san da su, mun zauna da masu su da Sarkin Kasuwa, sun yarda a fasa simintin a sa murfin kankare mai ɗaguwa. Wannan zama ya fi rubuta wasiƙar wahala, domin masu rumfunan 'yan ƙungiya ne, ɗaya ma yana cikin shugabanni.

Da muka sake rubuta wasiƙar, shafi ɗaya ta koma. Buƙata ta farko, a buɗe kwalbati. Ta biyu, a yashe mita 150, a kuma kwashe abin da aka fitar a ranar, domin kowa ya san yadda ake tara baƙar laka a bakin kwata a tafi, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Sai ta uku, rumfuna, aka raba su gida biyu: waɗanda ƙaramar hukuma ta gina take karɓar hayarsu, gyaransu nata ne, da waɗanda 'yan kasuwa suka gina da kansu, waɗanda izinin gyara kawai ake nema musu. Ƙungiyar ta yi alƙawarin ba da matasa ranar yasa, da hana zuba shara a kwata bayan an gama.

Na ba sakataren shawarar kada ya miƙa ta hannu a wajen ɗaurin aure ko a bakin masallaci. Ya kai ofis, a buga masa hatimi da kwanan wata a kwafensa, ya ba kansila da hakimi da shugaban sashen ayyuka nasu. Lokaci ma yana da tasiri. Yasa da buɗe kwalbati aikin Afrilu ne ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Sake gina kwata da rumfuna kuwa sai ya shiga kasafin kuɗi, wanda ake haɗawa a ƙarshen shekara, don haka wasiƙar da ta isa a tsakiyar damina ta makara wa yasar bana, amma tana kan lokaci ga kasafin baɗi idan aka bi ta. Sun sa ranar da za su koma ofishin bayan mako uku, su uku, da kwafen mai hatimi a hannu.