Jadawalin Rukayya da babin da bai samu gurbi ba

Daren Asabar ɗin da ta wuce na je gidan Yayana a Shara Mansur, nan Makka, na tarar da 'yarsa Rukayya ta baje takardu a kan darduma, idonta ya yi ja. Ranar Talata za ta rubuta jarrabawar Fara'id, wato ilimin rabon gado. Uwarta na gefe tana faɗa, wai sakaci ne ya jawo mata. Ni ban yarda sakaci ba ne, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Yarinyar nan mako uku ta yi tana haɗa mulahhas, kamar yadda yaran nan suke kiran taƙaitaccen darasi. Na riƙe shi da hannuna. Shafi huɗu ne, an ja layuka da rula, ba gogewa ko ɗaya. Kowane magaji da layinsa: miji, mata, uba, uwa, 'ya, jikanya ta wajen ɗa, shaƙiƙiya, har kaka. A gaban kowa ta rubuta kasonsa daga cikin kason nan shida, rabi, rubu'i, sumuni, sulusani, sulusi da sudusi, sannan sharaɗin da ke ba shi wannan kaso, sannan wanda ke iya katange shi daga gado. Masu katangewa ta sa musu jan biro. Ƙawayenta har sun kai shi maktaba sun yi kwafi.

To sai ta ɗauko tambayoyin bara don ta gwada kanta, ta ci karo da wannan: mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu, ba ɗa, ba uba, dukiya riyal 70,000. Ta duba jadawali. Miji rabi, tunda ba ɗa ba jika, riyal 35,000 ke nan. Shaƙiƙai biyu sulusani, biyu bisa uku, sama da riyal 46,600. Da ta haɗa sai kuɗin ya haura 81,000, alhali abin da ke ƙasa 70,000 ne. Sau uku ta sake lissafin.

"Gwaggo, wallahi ban yi kuskure ba," ta ce da ni. "Duba mana, kowa na ba shi abin da littafi ya ce."

Gaskiyarta, ba kuskure a layi ko ɗaya. Na ce ta miƙo min littafin makaranta, na buɗe fihirisa, muka bi babi-babi da yatsa tana nuna min inda kowanne ya faɗa a jadawalinta. Sharuɗɗan gado, ga su. Masu kaso, ga su. Asaba, masu ɗaukar abin da ya saura bayan masu kaso, ga su. Hajabu, ga jan biro. Da muka iso Aulu sai ta yi shiru. Ta juya shafukan huɗu gaba da baya, babu ko kalmar.

Aulu shi ne abin da ake yi idan kason magada ya fi ƙarfin dukiyar. A mas'alar nan, ana neman ƙaramar lambar da rabi da sulusani za su fita daga cikinta ba karaya, ita ce 6, kuma ita ake kira asalin mas'ala. Miji ya ɗauki 3, shaƙiƙai su ɗauki 4. Jimla 7, ta wuce 6 da ɗaya. Ba a korar kowa, ba a kuma ɗora asarar a kan mutum guda. Sai a ɗaga asalin ya koma 7, a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida. Kowane gida riyal 10,000. Miji ya tashi da 30,000, kowace shaƙiƙiya 20,000, kuɗi ya ƙare cif. Kowa ya ragu daidai girman rabonsa, kamar masu bin bashi da suka tarar abin da ya rage bai kai ya biya su duka ba. Malaman Fara'id suna kawo cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar aka fara hukunci da shi, bayan ya shawarci sahabbai.

Babin ma ba shi da tsawo. Asali uku ne kawai ke yin aulu: 6 yana hawa zuwa 7, 8, 9 ko 10, sai 12 yana hawa zuwa 13, 15 ko 17, shi kuwa 24 sau ɗaya yake hawa, zuwa 27. Wannan na ƙarshen shi ne mas'alar da ake kira Minbariyya, ta mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa, inda mata ke da 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, sai sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Cikin rabin awa Rukayya ta gane shi, ta warware mas'ala biyar ita kaɗai.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda babin ya ɓace. Ba ta yi fashin darasin ba, ga shi nan a littafin rubutunta da hannunta, har da misalin da malamarsu ta ba su. Jadawalin ne ya tankaɗe shi. Ta gina shi a kan mutane, kowane layi sunan magaji, shi kuwa aulu ba na miji ba ne, ba na uwa ba ne, ba na kowa ba ne. Sai an tara kowa wuri ɗaya an haɗa lissafi yake fitowa. Da ta zo kansa lokacin taƙaitawa ba ta ga layin da za ta sa shi ba, ta ce bari ta gama ta dawo, jadawali kuma ya cika ya yi kyau har ƙasan shafi na huɗu. Wa zai koma neman abin da ya ɓata a takardar da ba ta da fili ko na yatsa? Da rubutun kaca-kaca ne, da kibiyoyi da alamar tambaya a gefe, da tuni ta yi shakkarsa ta koma littafi.

Shi ya sa nake ganin faɗan "ki ƙara kula" bai taɓa inda ciwon yake ba. Kulawa ta yi, har ta wuce misali. Ta karanta mulahhas ɗin nan ya fi sau goma, kuma ko sau ɗari ta karanta ba zai gaya mata abin da babu a cikinsa ba. Abu biyu ne suka tona shi, dukansu daga wajensa suke: tambayar da aka warware da shi kaɗai littafi a rufe, da fihirisar da aka bi layi-layi. Na biyun bai ɗauke mu minti biyar ba, kuma da shi ya kamata a fara tun ranar da aka ja layin farko, a kwafe sunayen babuka a gefe, duk wanda ya shiga a soke shi, wanda ya ƙi shiga a bar shi tsaye yana kallon mutum.

Da muka ci gaba da bin fihirisar ma sai ga Raddi, kishiyar aulu, inda kuɗi ke yin saura bayan kowa ya karɓa kuma ba asaba. Shi ma babu shi, kuma dalilin ɗaya ne.

Ta so ta sake kwafe shafukan huɗu daga farko don kada tsarin ya lalace, na hana ta. Na sa ta yago takarda daga tsohon littafi, ta rubuta babukan biyu da fensir, muka maƙala ta da fil a saman shafin farko, a karkace. Sannan na tuna mata da ƙawayen da suka yi kwafi. Ta zaro ido, ta ce, "Innalillahi, Gwaggo, mu goma sha ɗaya ne!" Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce tana ɗaukar hoton takardar fensir ɗin tana tura musu ɗaya bayan ɗaya.