Tunatarwa ɗaya a ranar jarrabawa ba ta isa ba

Ƙannena maza da mata da ke shirin JAMB, da waɗanda ke jiran a buɗe shafin rijista a jami'ar Aliero ko kwalejin Waziri Umaru, akwai wata ɗabi'a da nake so mu gyara. Da yawanku kuna shigar da ranar jarrabawa a kalandar waya, kuma hakan ya yi kyau. Amma sai ku bar tunatarwar da wayar ta zaɓa da kanta, wadda ke yin ƙara minti 10 ko 30 kafin lokaci. Don Allah, me minti 30 zai yi wa wanda ke Yauri alhali cibiyar jarrabawarsa tana Birnin Kebbi? Ko ya ga saƙon, ba abin da zai iya sai salati.

Da wuya a sami ɗalibin da ya manta ranar jarrabawarsa ƙwata-ƙwata. Abin da ake mantawa shi ne ƙananan ayyukan da ke gabanta, waɗanda kowannensu ke cin lokaci: buga takardar shiga, neman kuɗin mota, sanin inda cibiyar take, samun wurin kwana. Saboda haka ku fara lissafi daga ranar, ku riƙa ja da baya, kowane aiki ku ba shi tasa tunatarwar a lokacin da in an sami matsala ana iya gyarawa.

A ce wata ƙanwarmu tana zaune a Yauri, an ba ta ranar Asabar da ƙarfe 8:00 na safe a wata cibiya a Birnin Kebbi. Tunatarwarta ta farko ba ta jira fitowar takarda ba, tun ranar da ta ji watan da za a yi jarrabawar ta sa ta, kuma maganar kuɗi ce: ta sanar da Baba ko yayanta cewa akwai kuɗin mota da na abinci a gaba. Magidanci yana buƙatar a gaya masa da wuri, wani sai ranar kasuwa ta zagayo ya sayar da abu kafin ya haɗa. In an faɗa masa ana gobe tafiya, an sa shi cikin kunya ba gaira ba dalili.

Ta biyu ita ce ta takardar shiga, kuma a nan na fi so ku natsu. Da zarar an ba da damar bugawa, ta sa tunatarwa a washegari da safe, ta je shagon kwamfuta ta buga kwafi biyu. Kafin ta bar shagon ta karanta da idonta: sunan cibiya, gari, rana, da lokacin da aka ce a iso. Lokacin isowa daban yake da lokacin fara rubutu, domin sai an tantance kowa da zanen yatsa kafin a shiga ɗaki. Abin da ke kan takardar shi za ta shigar a kalanda, ba abin da ƙawa ta turo a WhatsApp ba, don ba rana ɗaya ake ba kowa ba, ko da makarantarku ɗaya. Wanda ya bar bugawa sai ranar Juma'a da yamma ya jingina jarrabawarsa ga wutar lantarki da sabis, kuma duk mun san halinsu.

Ranar Laraba ta kira 'yar uwar da za ta sauke ta, ta tabbatar tana gari. Ranar Juma'a da hantsi sai tunatarwar tafiya tasha, don ta isa da rana tsaka, ta je ta ga ƙofar cibiyar da idonta, ta san minti nawa ne a mashin daga masauki. Kada wanda ya tsara tafiyar dare ko ta asubar fari saboda jarrabawa. Da daddare ta sa takarda a jaka, ta cika waya da caji.

Ta safiyar Asabar kuwa kada a bar wa kalanda. Sanarwar kalanda ƙara ɗaya take yi ta yi shiru, ba ta ta da mai barci. Nan aikin agogon waya ne mai kururuwa har sai an kashe shi: ɗaya kafin sallar asuba, ɗaya kuma na fita daga gida. Tunda ba a shiga ɗakin JAMB da waya ko agogon hannu, aikin wayar ya ƙare daga nan.

A Google Calendar, idan kun buɗe abin da kuka shigar, za ku ga Add a notification, kuma ta Custom kuna iya zaɓar minti, awa, kwana ko mako. Ana iya sa har guda biyar a kan abu ɗaya, mafi nisa mako huɗu kafin ranar. Sai dai duka biyar ɗin suna ɗaya za su nuna, wato "Jarrabawa". Ka gani ka ce ai na sani, ka share. Shi ya sa na fi son kowane aiki a shigar da shi daban, a rubuta shi kamar umarni: "Je ki buga takarda yau kafin azahar". Wannan hanya tana da nata sharaɗi. In an ɗage jarrabawa, tunatarwar da ke manne da ita za su bi ta zuwa sabuwar rana da zarar ka gyara, amma waɗanda ka shigar daban sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ku lura da AM da PM. Ƙarfe 12:00 AM tsakar dare ne, farkon ranar, ba tsakar rana ba. Mafi sauƙi ku mayar da agogon wayar tsarin awa 24. Idan kuma wa'adin biyan kuɗi ne ko cike fom, aka ce za a rufe 11:59 PM ranar Lahadi, ku rubuta Alhamis a kalandarku a matsayin ranar ƙarshe. Banki ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, shafin makaranta yakan yi nauyi a ranar ƙarshe saboda kowa ya afka masa, kuma wani lokaci a cire kuɗi amma biyan bai nuna ba sai an bi sawu. Ranar Juma'ar da ta rage ta bin sawun ce.

Sannan ku gwada wayar tun yau. Ku shigar da wani abu na minti 10 masu zuwa, ku kulle allo, ku ajiye ta. In ba ta yi ƙara ba, ku duba ko an hana manhajar kalandar fitar da sanarwa, ko Do Not Disturb na kunne, ko tsarin adana batir ya danne ta, abin da ke yawan faruwa a wayoyin Android. Ku zaɓi sanarwar kan waya maimakon ta imel, domin ta kan waya tana fitowa ko babu data, muddin abin yana cikin wayar. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Satumbar 2021, har aka yi makonni ba kira ba saƙo. Waya kuma tana mutuwa, ana sace ta. Don haka ku rubuta ranakun nan da biro a kalandar bango ko bayan littafi, ku kuma gaya wa Inna ko wani babba a gida ranar buga takarda da ranar tafiya, ya tambaye ku idan ranar ta zo.